Zane Mai Tunawa da Zane Mai Mantuwa: SVG da Canvas a Fuskar Wayarka

Buɗe wani shafi na intanet a wayarka, ka sa yatsu biyu ka faɗaɗa shi har iya inda ya tsaya. Za ka tarar wasu zane-zanen sun girma amma gefensu na nan tsaf, wasu kuma sun dushe, gefen nasu ya zama tsani-tsani. Galibi na farkon an yi su ne da SVG. Na biyun ko dai hoto ne na yau da kullum, ko kuma an zana su a kan canvas. Waɗannan su ne manyan hanyoyi biyu da burauza ke da su na yin zane da kanta, ba tare da an ɗauko mata hoton da aka riga aka gama ba. Duk mai ba da aikin gina shafi, da mai koyon ginawa, har da mai mamakin abin da ya sa wata taswira ke daskarar masa da waya, yana da amfani ya san inda suka rabu.

Inda suka rabu abu guda ne. SVG na tuna kowane abu da ya zana, canvas kuwa yana mantawa da zarar ya zana. Sauran bambance-bambancen duka daga nan suka tsiro.

Ka ɗauki mai jere a ɗakin amarya da mai fenti a bango. Mai jere na iya ɗauke tasa guda ta sauya mata wuri, don kowace tasa tana nan a matsayin kanta. Mai fenti in ya zana tasa a bango, babu wata tasa da zai ɗauka. Launi ne kawai ya hau kan siminti, in yana son ta matsa sai ya shafe wurin ya sake zanawa. SVG shi ne jeren, canvas shi ne bangon.

SVG ya girmi abokinsa. Ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta fara aiki a kansa a 1999, ta kuma amince da shi a matsayin ƙa'ida a watan Satumba na 2001. Canvas kamfanin Apple ne ya fito da shi a 2004 don amfanin burauzarsa ta Safari da 'yan ƙananan manhajojin da ke fuskar kwamfutocinsa, daga baya sauran burauzoji suka karɓa, ya shiga cikin ƙa'idar HTML5. Sai a 2011, da fitowar Internet Explorer 9, su biyun suka samu shiga burauzar da mafi yawan ofisoshi ke amfani da ita a lokacin. Da aka daina tallafa wa Flash a ƙarshen 2020, wanda a dā shi ke ɗauke da yawancin wasanni da zane mai motsi, aikin ya rage a hannun waɗannan biyun.

Da'ira guda, hanya biyu

Ga yadda ake zana koriyar da'ira da SVG:

```html
<svg viewBox="0 0 100 100">
  <circle cx="50" cy="50" r="40" fill="green" />
</svg>
```

Wannan rubutu bayani ne. Yana gaya wa burauza cewa akwai fili mai faɗin 100 da tsawon 100, a tsakiyarsa akwai da'ira, daga cibiyarta zuwa gefe 40 ne, launinta kore. Bai ce 100 na mene ne ba. In an ba zanen wurin da bai fi farce ba, burauza za ta raba wurin gida ɗari ta zana. In an ba shi allon talla na bakin titi, haka za ta yi. Duk lokacin da girma ya canza, sai ta koma kan bayanin ta sake lissafi, shi ya sa gefen ba ya dushewa. Bayan haka da'irar na zaune a cikin jerin abubuwan shafin kamar yadda sakin layi ko maɓalli ke zaune. Ana iya ce mata ta koma ja, ana iya ce mata ta yi wani abu idan an taɓa ta, ana iya cire ta a bar saura.

Ga kuma da'irar a kan canvas:

```js
const c = document.querySelector("canvas");
const ctx = c.getContext("2d");
ctx.fillStyle = "green";
ctx.beginPath();
ctx.arc(50, 50, 40, 0, 2 * Math.PI);
ctx.fill();
```

Wannan kuwa umarni ne bi da bi, a harshen JavaScript: ɗauki koren launi, fara layi, kewaya, cika. Da layin ƙarshe ya gudana, an rina wasu ɗigo-ɗigo na fuskar na'ura, waɗanda ake kira fiksil, shi ke nan. Ka tambayi burauza me ke cikin canvas ɗin, abin da ta sani shi ne akwai wani murabba'i cike da ɗigo masu launi. Ba ta san da da'ira ba. In mai shafin yana son ya san an taɓa da'irar, shi zai ajiye wurinta da girmanta a nasa lissafin, ya karɓi inda yatsa ya sauka, ya auna da kansa ko nisan wurin daga cibiya bai wuce 40 ba.

Wanda ya ji wannan zai ce to SVG ya fi, a rufe magana. Sai dai tunawa tana da tsada. Kowane abu da burauza ta riƙe yana cin wuri a ƙwaƙwalwar waya, kuma in wani abu ya canza sai ta duba salon abubuwan da canjin ya shafa, da matsayinsu, da wanda ke kan wani. Abu ɗari ba komai ba ne. Abu dubu ɗari kuwa kaya ne da ƙaramar waya ba za ta iya ɗauka ba. Canvas ba ya biyan wannan kuɗin. Ko an zuba masa ɗigo goma ko miliyan, abin da ya rage a ƙwaƙwalwa bayan an gama girmansa ɗaya.

Ƙananan alamomi da tambari

A nan babu doguwar muhawara. Alamar gida, da ta kwandon sayayya, da gilashin nema, da tambarin kamfani ko na makaranta, duk aikin SVG ne. Alama irin wannan galibi ana tsara ta a fili mai 24 da 24, kuma rubutunta sau da yawa bai kai kilobayit guda ba. Fayil ɗaya ya wadatar wa ƙaramar waya da babbar talabijin, ba sai an ajiye hoto uku ko huɗu masu girma daban-daban ba. In aka rubuta `fill="currentColor"` a cikin alamar da aka saka kai tsaye a shafi, za ta ɗauki launin rubutun da ke kusa da ita, don haka idan mai waya ya koma yanayin duhu da dare, alamar za ta yi fari tare da rubutun ba tare da an taɓa ta ba. Ba dole ba ne mutum ya rubuta SVG da hannu. Manhajar zane ta Inkscape, wadda kyauta ce, da shi take ajiye aikinta.

Abu biyu ke ɓata wannan. Na farko, wani zai ɗauki hoton tambari na PNG ya cusa shi a cikin fayil mai sunan SVG, ya miƙa wa mai aiki a matsayin an cika alkawari. Wannan hoto ne sanye da rigar aro. Ana gane shi idan aka faɗaɗa ya dushe, ko aka buɗe fayil ɗin a manhajar rubutu aka ga kalmar `<image` da dogon jerin haruffa marasa ma'ana a bayanta. Duk wanda ya biya kuɗin tambari ya kamata ya yi wannan gwajin kafin ya sallami mai zane. Na biyu ya fi haɗari: fayil ɗin SVG na iya ɗauke da umarnin JavaScript a cikinsa. Shafin da ke barin baƙi su ɗora hotuna bai kamata ya karɓi SVG ya nuna shi yadda ya zo ba sai an tace shi. In an nuna shi ta hanyar `<img>`, burauza ba ta gudanar da umarnin da ke ciki, amma in an buɗe shi kai tsaye ko an zuba shi cikin shafin, tana gudanarwa.

Hoton da kyamara ta ɗauka kuwa, na fuskar mutum ko na kasuwa, ba na SVG ba ne sam. Babu siffofi masu tsari a ciki da za a bayyana, launi ne ke sauyawa daga ɗigo zuwa ɗigo. Wannan a bar shi a JPEG ko makamancinsa.

Taswira guda, matakai uku

Inda zaɓin ke da wuya shi ne zanen ƙididdiga, wato ginshiƙai da layuka da taswirori masu nuna alƙaluma. Bari mu bi misali guda har ƙarshensa. A ce wata jarida na son ta yi wa masu karatunta taswirar Najeriya da za ta nuna sakamakon zaɓe, mutum ya taɓa wuri ya ga alƙalumansa.

Mataki na farko shi ne jihohi. Akwai 36 da Babban Birnin Tarayya, siffa 37 ke nan. Kowace jiha za ta zama `<path>` guda a cikin SVG, da sunanta a maƙale. Rina Kano ko Borno da launin jam'iyyar da ta yi nasara layi ɗaya ne na umarni. Gane jihar da aka taɓa kuma ba ya bukatar lissafin kowa, duk da karkacewar iyakokin, don burauza ta san inda kowace siffa ta tsaya. A canvas wannan aiki ne na musamman. Akwai umarnin `isPointInPath` da ke taimakawa, amma sai mai shafin ya riƙe siffofin 37 da kansa ya gwada su ɗaya bayan ɗaya a duk taɓawa. Ga kuma wasu ribobi da ba a cika lissafa su ba. Sunayen jihohin da ke cikin SVG rubutu ne na gaske, ana iya neman su a shafi, ana iya kwafe su. Manhajar da ke karanta wa makafi shafi na iya faɗin sunan jiha da alƙalumanta in an tsara su da kyau. In edita ya so ya buga taswirar a takarda, za ta fito tsaf ko a shafi cikakke. A wannan matakin, duk wanda ya zaɓi canvas ya ɗora wa kansa wahalar da babu lada a cikinta.

Mataki na biyu shi ne ƙananan hukumomi, guda 774, ciki har da 44 na Jihar Kano. Har yanzu SVG na iya ɗauka, amma da sharaɗi. Nauyin a nan ba daga yawan siffofin yake zuwa ba, daga yawan lanƙwasar da ke cikin kowace iyaka yake zuwa. Bayanan iyakoki da masu safiyo ke tarawa suna bin kowace kwanar rafi, ta yadda ƙaramar hukuma guda na iya samun maki dubbai a gefenta. A fuskar waya mai faɗin fiksil 360, ƙaramar hukumar da ke cikin birni ba za ta fi 'yan ɗigo ba, to duk wannan dalla-dallar asara ce ta data da lokaci. Maganin shi ne a sauƙaƙa iyakokin kafin a ɗora, a rage makin, a kuma datse lambobin da ke bayan ɗigon goma zuwa ɗaya ko biyu. Akwai kayan aiki na kyauta da ke yin haka, kamar Mapshaper. Mutane da yawa na ganin taswira ta yi nauyi su ɗora wa SVG laifi su koma canvas, alhali iyakokin ne ba a tace ba, kuma nauyin saukewar zai bi su can.

Mataki na uku shi ne rumfunan zaɓe. Bayan ƙarin da hukumar INEC ta yi a 2021, yawansu ya kai 176,846. A ce kowace rumfa za a nuna ta da ɗigo guda. Layin SVG na ɗigo guda kamar haka yake:

```html
<circle cx="123.4" cy="567.8" r="2"/>
```

Haruffa kusan 40 ne. A ninka su sau 176,846, an sami kimanin megabayit 7 na rubutu. Matse fayil kafin a aiko shi zai rage abin da za a sauke, amma ba zai rage abin da ke biyo baya ba: burauza za ta gina abubuwa 176,846 a ƙwaƙwalwa, kowanne da salonsa da matsayinsa. Alamun ciwon sanannu ne. Shafin zai daɗe fari kafin ya bayyana, in an ja taswirar da yatsa sai ta bi bayan yatsan tana tsalle, wayar ta ɗau zafi, a ƙaramar waya ma burauza na iya rufe shafin ta sake loda shi. A nan canvas ke karɓar aiki. Za a sauke wuraren rumfunan a matsayin jerin lambobi zalla, a bi su ɗaya bayan ɗaya ana ɗiga kowanne da `fillRect`, a gama a manta. Shafin zai kasance da abu guda tak a maimakon dubu ɗari da saba'in da shida.

To idan mai karatu ya taɓa ɗigo yana son sunan rumfa fa? Nan ne ake biyan kuɗin mantuwar. Hanyar da aka saba bi ita ce a raba taswirar gida-gida a lissafi, a san rumfunan da ke cikin kowane gida, ta yadda in yatsa ya sauka sai a duba na gidan kawai a nemo mafi kusa. Aiki ne na ƙarin rana ko kwanaki ga mai ginawa, kuma mai ba da kwangila ya kamata ya san da shi kafin a yi ciniki.

Ƙwararru ba sa tsayawa kan ɗaya a irin wannan aiki. Sukan shimfiɗa canvas a ƙasa ya ɗauki ɗigon rumfuna, su ɗora SVG a samansa ya ɗauki iyakokin jihohi da sunaye da alamar wurin da aka zaɓa. Manyan tarin umarnin da ake gina irin wannan zane da su ma sun rabu a kan haka. D3, wanda ya fito a 2011, an fi amfani da shi da SVG ko da yake yana iya zana wa canvas. Chart.js a kan canvas yake zane. ECharts na barin mutum ya zaɓi ɗaya daga cikin biyun. Leaflet, na taswirori, yana zana layuka da siffofi da SVG sai in an kunna masa `preferCanvas`.

Ina da ra'ayi a kan wannan mataki na uku, kuma ina ganin ya fi zaɓin fasahar muhimmanci. Taswira mai faɗin 360 da tsawon 300 tana da gurbi 108,000 ne kacal, bai kai yawan rumfunan ba, kuma rumfunan sun taru ne a birane. Kano da Legas za su zama dunƙulen launi, mai karatu ba zai fahimci komai ba ko da wayarsa ta ɗauka. Abin da ya fi shi ne a nuna jihohi da farko, in ya taɓa jiha a nuna ƙananan hukumominta, in ya taɓa ƙaramar hukuma sai a sauko da rumfunanta kaɗai. In aka raba 176,846 gida 774, kowace na da kimanin 228 a matsakaici. Wannan adadi SVG na ɗaukarsa cikin sauƙi, mai karatu bai ƙona datarsa kan rumfunan da bai tambaya ba, makaho kuma bai rasa rabonsa ba. Sau da yawa tambayar da ya kamata a fara yi ita ce ko ana bukatar nuna komai a lokaci guda.

Babu wata lamba tsayayya da za a ce daga nan SVG ya gaza. Ya danganta da ƙarfin wayar, da sarƙaƙiyar siffofin, da ko suna motsi. Abin da aka saba gani shi ne ɗaruruwa ba sa damun kowa, 'yan dubbai da ke tsaye wuri guda sukan wuce lafiya, amma dubbai masu motsi a lokaci guda sukan fara nuna gajiya.

Wasanni

Fuskar mafi yawan wayoyi na sabunta kanta sau 60 a daƙiƙa guda. Ma'ana wasa na da kimanin kashi 16.7 cikin dubu na daƙiƙa ya lissafa inda kowa yake, ya kuma zana. In ya wuce haka, ido zai ga tsalle. A wasan da mota ke gudu, ko harsasai ke tashi, ko ƙasa ke wucewa a ƙarƙashin ɗan wasa, kusan komai na canzawa a kowane zagaye, don haka tunawar SVG ba ta da amfani. Me za a yi da tuna inda abu yake, alhali yanzu zai bar wurin? Shi ya sa irin waɗannan wasanni ke bin tsarin shafe-ka-sake:

```js
function zana(lokaci) {
  ctx.clearRect(0, 0, c.width, c.height);
  matsar(lokaci);
  zanaKowa();
  requestAnimationFrame(zana);
}
requestAnimationFrame(zana);
```

Wasan dabbar nan mai tsalle da burauzar Chrome ke nunawa idan intanet ya yanke, a kan canvas yake gudana. Wasannin da suka fi shi nauyi sukan yi amfani da canvas ɗin ta wata ƙofa da ake kira WebGL, wadda ke miƙa aikin zane kai tsaye ga sashen na'ura mai sarrafa hoto.

Masu koyo na yawan faɗawa ramuka uku a nan, kuma kowanne na da alamarsa. In abu mai motsi na barin jela a bayansa, an manta `clearRect`. In wasan ya fara lafiya sannan ya riƙa yin nauyi a hankali, ko layukan da aka zana a baya suka riƙa sauya launi, galibi an manta `beginPath`, sai kowane sabon layi ke ɗoruwa a kan tsofaffi ana sake zana su duka. In kuma wasan na gudu daidai a wata waya amma ya ninka sauri a wata, to an ce abu ya matsa da adadi kaza a kowane zagaye, alhali wasu wayoyin na yanzu na zagaye 90 ko 120 a daƙiƙa. Gyaran shi ne a auna lokacin da ya wuce tsakanin zagaye biyu, a matsar da abu gwargwadonsa. Dalilin wannan `lokaci` da ke cikin misalin ke nan.

Ba kowane wasa ne na canvas ba. Mai son ya gina dara a waya yana da gurbi 30 da 'ya'ya 12 a kowane ɓangare, kuma ɗa guda ke motsi a lokaci guda. Abin da wasan ya fi bukata shi ne sanin wane gurbi aka taɓa, wanda SVG ke bayarwa kyauta. Haka ludo, da wasan kati, da wasannin koyar da yara haruffa.

Abin da ke sa canvas dushewa

Wannan ita ce matsalar da aka fi kawo ƙara a kanta, kuma dalilinta ɗaya ne kusan kullum. Canvas na da girma iri biyu: yawan ɗigon da ke cikinsa, da girman wurin da aka ba shi a shafi. In ba a faɗi na farkon ba, burauza na ba shi 300 da 150. Wanda ya miƙe shi ya cika fuskar waya ba tare da ya ƙara yawan ɗigon ba, ya ja ƙaramin hoto ne ya baza, dole ya dushe, da'ira ma ta koma kamar ƙwai. Ƙari a kan haka, wayoyin yanzu na da ɗigo na gaske biyu ko uku a tsaye da a kwance a madadin kowane fiksil guda da shafi ke ƙirgawa. Ana gyarawa kamar haka:

```js
const r = window.devicePixelRatio;
c.width = 360 * r;
c.height = 640 * r;
c.style.width = "360px";
c.style.height = "640px";
ctx.scale(r, r);
```

A lura cewa sauya `width` ko `height` na shafe duk abin da ke kan canvas, har da saitin launi da ma'auni, don haka `scale` a bayansu yake zuwa, kuma duk lokacin da mai waya ya juya ta a kwance aka sake girman, sai an sake zana komai.

Kaifin ma da farashinsa. A wayar da `r` ya zama 3, canvas ɗin nan zai zama 1080 da 1920, wato ɗigo 2,073,600. Kowane ɗigo na cin bayit 4, na ja da kore da shuɗi da kuma kaurin launi, jimla fiye da megabayit 8, ko da ba a zana komai a kai ba. Shafin da ya jera irin wannan guda goma ya cinye megabayit 80 kafin a fara magana. Saboda haka masu wasanni da yawa kan tsayar da `r` a 2, don bambancin da ido ke gani tsakanin 2 da 3 kaɗan ne, amma yawan ɗigon ya ninka fiye da sau biyu. Wannan shi ne kishiyar SVG: shi yawan abubuwa ke gajiyar da shi, canvas kuwa faɗin fili da yawan sake zane.

Akwai kuma hakkin da canvas ke tauyewa in ba a kula ba. Rubutun da aka zana a kansa launi ne kawai, ba a kwafe shi, ba a nemansa, manhajar makafi ba ta ganinsa. Manyan kamfanoni na iya jure wannan. Google ya sanar a 2021 cewa zai mayar da zanen shafukan Google Docs kan canvas, amma kamfani irinsa na da ma'aikatan da za su sake gina zaɓen rubutu da taimakon makafi daga tushe. Ƙaramar jarida ko ƙungiya ba ta da su. Mafi ƙarancin abin da ya wajaba a kan wanda ya zana alƙaluma a canvas shi ne ya ajiye su a jadawali na rubutu a ƙarƙashin zanen, don wanda ba ya gani ya samu, wanda ke son kwafa ma ya samu.

A wani wurin kuma canvas ne ke da sauƙi. In ana son mai karatu ya ajiye zanen a matsayin hoto ya tura wa 'yan'uwa a waya, umarnin `toBlob` na mayar da canvas hoton PNG nan take. SVG sai an fara zuba shi a kan canvas kafin a samu haka. Duk aikin da ya shafi taɓa ɗigon hoto ɗaya-ɗaya, kamar rage girman hoton fasfo kafin a ɗora shi ko karɓar sa hannu da yatsa a ajiye shi hoto, nan ma canvas aka fi kira.

Ga wanda zai karɓi aiki daga hannun mai gina shafi, akwai gwajin da ba ya bukatar ilimin kwamfuta mai zurfi. A kwamfuta, ka danna zanen da maɓallin dama na linzami ka zaɓi Inspect. In ka ga `<svg>` da jerin abubuwa a ƙarƙashinsa, ka san da wanda kake hulɗa, in kuma `<canvas>` ne guda ba komai a ciki, ka tambayi inda aka ajiye alƙaluman a rubuce. Sannan kada ka amince da gwajin da aka yi a kwamfutar mai aikin, don ita ba ta jin nauyin da wayar masu karatunka za ta ji. Ka nemo waya mafi araha da ke gidan, ka buɗe shafin da datar layi, ka faɗaɗa zanen, ka ja shi da yatsa, ka juya wayar a kwance. In ya dushe ko ya yi tsalle, ka mayar masa da aikinsa ya gyara kafin ka biya cikon kuɗin.